Daƙiƙa Ukun Sulley Mai Hoto

Duk wanda ya girma a Zangon Kumasi, in ya buɗe akwatin uwarsa da wuya ya rasa hoto ɗaya mai hatimin Sulley a baya. Shekara talatin da bakwai ya yi yana ɗaukar mutane a wani ɗan shago mai ƙofa shuɗiya, a layin da ke gangarawa masallaci. Ubansa falken goro ne, jikan Kanawa, ya so ɗan ya gaje shi. Sulley kuwa tun yana yaro ba ya iya wuce shagon mai hoto bai tsaya ba. Da uban ya gaji da duka, sai ya kai shi Adum wajen wani Ba'ashante, ya yi shekara shida yana wanke fim a ɗaki mai duhu har ƙumbarsa ta rine.

Da ya buɗe nasa, Zango ta karɓe shi hannu biyu. Hoton fasfo na maniyyata, suna, walimar sauka, amarya da ƙawayenta, ranar Sallah kuwa layi har bakin kwata. Mutum ne mai tsantseni da ɗan girman kai irin na wanda ya san hannunsa. Ba ya ɗaukar ka yadda ka zo. Sai ya gyara maka hula, ya sauke maka kafaɗa, ya matsar da fitila taku ɗaya, ya dawo ya sake matsar da ita. Ko Alhaji ne kai, in ka yi motsi zai daka maka tsawa. Mata kuwa magana ɗaya yake musu, har ta zama abin tsokana a gidajen biki: "Karkata kai kaɗan. Sa hannu a haɓa. Yauwa, kar ki numfasa."

Sai waya ta zo ta cinye sana'ar da ɗai-ɗai. Ta fara da hoton Sallah, ta bi da suna, daga baya har fasfo yara ke yi a kanti cikin minti biyar. Abokan sana'arsa wani ya koma sayar da katin waya, wani ya koma tuƙin taksi. Sulley ya ƙi. Kullum da hantsi zai buɗe shago, ya goge gilashin kyamara, ya zauna. Matarsa Humu tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, kuma gaskiyar da ba a faɗa a gidan ita ce kokon nan ne ke riƙe da tukunya.

Aiki ɗaya ya rage masa na dindindin, shi ne na Hajia Barakatu. Hajia tana da babban kanti a Aboabo, tana shigo da mayafai da abaya. Duk sanda sabon kaya ya sauka sai a kai wa Sulley, ya jera fitilu, ya ɗauki kowane launi a jikin wata yarinyar kanti, hotuna su fito tas kamar na mujalla. Da su ake talla. Wannan aikin ne ya sa har yanzu in an ce "mai hoto" yake amsawa ba tare da jin kunya ba. In ya kuɓuce, shagon ya zama ɗakin ajiye tsofaffin fitilu ke nan, kuma shi ma ya san haka.

Yana da wata ɗabi'a ta aiki da ba wanda ya sani. Yadi ba ya nuna ainihin launinsa sai a kusa da fatar mutum, ita kuwa yarinyar kantin awa ɗaya kacal Hajia ke ba da aronta. Don haka tun ana gobe za ta zo, Sulley yakan tura ƙofa, ya saita kyamara ta ƙirga goma, ya yafa mayafin a kansa, ya zauna a kujera ya karkata kai da hannu a haɓa, daidai yadda yarinyar za ta zauna. Fitila ta haska, ya tashi ya duba, ya gyara, ya goge hoton. Dattijo ne mai furfura a gemu, amma a wajensa wannan awo ne kawai, kamar tela da tef a wuya.

Ana saura wata guda Babbar Sallah, Hajia ta damƙa harkar talla a hannun 'yarta Nasira, wadda ta gama karatun kasuwanci ta kuma yi shekara uku tana wa wani kamfani talla a Akra. Nasira ba ta da mugun baki. Tana gaisuwa har ƙasa. Abin da ba ta da shi kawai shi ne wurin ajiye tausayi in ana maganar lamba. Ita ta kawo kayan Sallar da kanta, ta manta mukullin mota a kan benci, ta dawo ɗauka. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Ta tsaya a bakinta kamar minti ɗaya, ta ɗauki mukullinta ta tafi, Sulley bai ma ji shigowarta ba.

Da ya kai hotunan kanti bayan kwana uku, ta zaunar da shi ta kawo masa ruwa.

"Baaba Sulley, hotunan sun yi kyau paa," in ji ta. "Amma bana ba za mu zaɓi talla da ka ba. Za mu yi tes."

"Tes na mi? Ni ɗan makaranta ne?"

Ta yi dariya ta juyo masa da kwamfuta. Talla biyu za ta saka a Fesbuk da Instagram. Ɗaya hotunansa, ɗaya kuma bidiyon da ta ɗauka da wayarta a ƙofar kanti, hannunta yana zaro mayafi daga leda yana warware shi a rana. Rubutun ƙasa iri ɗaya, kuɗin talla an raba daidai, mutanen da za a nuna wa iri ɗaya: mazauna Kumasi, maza da mata, tunda gab da Sallah magidanta ma suna saya wa iyali. Na'urar Fesbuk za ta raba mutanen kashi biyu, wanda ya ga wannan ba zai ga wancan ba. Duk wanda ya taɓa tallar, za ta kai shi Watsap ɗin kanti. Kwana bakwai, sannan a duba.

Sulley ya kalli bidiyon. Hannu yana rawa, rana ta ƙone rabin yadin, ga ƙarar babur, ga wata akuya ta gifta ta baya. Ya ji kamar an zage shi.

"Wanga abu za ki gwada da aikina?"

"Ba ni zan zaɓa ba, Baaba. Mutane za su zaɓa. Wanda ya ci, da shi za mu ci gaba."

Kalmar nan ta zaɓe ita ta kashe shi. Sulley ya ga zaɓe iri-iri a Zango, shi ya ɗauki hoton fostar 'yan takarar unguwa fiye da goma, ya kuma san ba a cin zaɓe daga zaune. Ran Juma'a bayan an sallame ya tsaya a bencin dattawa na ƙofar masallaci, inda amininsa Jibirin mai gyaran agogo ke shugabantar hira. Ya bayyana musu cewa ana neman a ture shi da bidiyon akuya. Duk wanda ya ga hoton mayafi mai kyau a wayarsa, ya taɓa, ya aika saƙo.

"Shi ke nan?" in ji Jibirin. "Mutumin da ya ɗauki hoton aurena? Wallahi har surukina na Asawase sai ya taɓa."

Suka yi masa kara, irin wadda Zango ta iya. Magana ta bi benci-benci, ta shiga wajen mahauta, ta kai tashar taksi. Ba kowa tallar ta zo wa ba, amma duk wanda ta zo wa ya cika alkawari. Kwana uku da farawa Sulley ya leƙa kanti kamar mai wucewa, Nasira ta ce masa hotunansa ne a gaba wajen yawan saƙo, tana faɗa tana ɗan yamutsa fuska. Bai lura da fuskar ba. Ya sayi tsire ya kai wa Humu, ya ce mata ƙwarewa ba ta tsufa. Rabon da ta gan shi yana cin abinci yana surutu har ta manta.

Rana ta takwas ya sa farar riga ya tafi jin sakamako. Hajia Barakatu tana zaune a kujerarta ta bayan teburin kanti tana cin gyaɗa. Nasira ba ta kawo ruwa ba wannan karon. Ta buɗe Watsap ta fara karanta masa saƙonnin da tallarsa ta jawo.

"'Salamu alaikum, muna bayan Sulley.' 'Allah ya ba Sulley nasara.' Wanga kuma murya ya aiko, minti biyu yana maka addu'a. Baaba, mi ka yi?"

Ta juyo da kwamfutar, ta nuna masa wani jadawali da ya kasa mutane bisa shekaru da jinsi. Ta yi bayanin a hankali, kamar mai karanta wa majiyyaci takardar asibiti. Ita ta ce wa na'urar ta nemo masu aiko saƙo. Na'urar kuwa tana lura da irin waɗanda suka fara aikowa, sai ta ƙara nemo masu kama da su. Da ta ga dattawa maza ne ke rububin taɓa hotunan Sulley, sai ta ɗauka su ne masu so, ta dinga kai tallar mayafin mata gaban tsofaffin maza na Kumasi. Saƙo sittin da ɗaya, mutum biyu suka saya. Bidiyon akuya saƙo arba'in, mutum goma sha tara suka saya.

Hajia ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. "Mallam Sulley! Kamfen ka yi mana?"

"To a sake," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba zan gaya ma kowa ba. A sake, a ga gaskiya."

"Gaskiyar ita ce ban san wanda ya fi ba," in ji Nasira. "Wataƙila da hotonka ya ci. Matan da za su saya ba su gan shi sosai ba, kai ka kore su. Tes ɗin ya lalace kraa, gaba ɗaya. Kuma Sallah saura sati uku, ba ni da kwana bakwai na zubarwa. Bidiyo yana sayarwa, da shi zan tafi."

Wannan ita ta fi ci masa rai a hanyar komawa gida. Da an kayar da shi ne, da ya ce zamani ne. Amma ba a ma kai ga gwada aikinsa ba, shi da kansa ya hana, da taimakon mutanen da suka fi kowa ƙaunarsa.

Nasira ta wuce gwaji na biyu. A wajenta bidiyo ya ci, saura a san da me za a buɗe shi. Mai waya yana gungura allo da babban yatsa, in abu bai kama shi cikin daƙiƙa uku ba ya wuce, kuma na'urar tana ƙirga mutum nawa suka tsaya. Ta bar jikin bidiyon yadda yake, ta canza farkonsa kawai, kala uku. Na ɗaya hannu yana yaga leda. Na biyu ita kanta tana cewa, "Kar ki sayi mayafin Sallah sai kin ga wannan." Na uku kuwa abin da ta ɗauka ne ta tsagin ƙofa ranar da ta manta mukulli: dattijo mai furfura, koren mayafi a ka, ya karkata wuya, ya sa hannu a haɓa, ya lumshe ido yana jiran fitila. A samansa ta rubuta, "Har Baaba ya kasa haƙuri."

A cikin mutum ɗari, na ɗaya ya tsayar da ashirin da biyu, na biyu talatin. Na uku ya tsayar da sittin da takwas, kuma ba kallo kawai ba, koren mayafin ya ƙare a kanti cikin kwana biyu. Daga nan ta gwada hoton da ke tsaye a fuskar bidiyon kafin a taɓa shi, domin mutane da yawa a unguwannin nan sun hana bidiyo tashi da kansa saboda tsimin data, hoton nan kaɗai suke gani. Ta gwada mayafi a ninke, ta gwada Sulley ido a lumshe, ta gwada Sulley a daidai lokacin da fitila ta haska shi, baki a ɗan buɗe. Na ƙarshen ya ci. Ta zuba sauran kuɗin tallar duka a kansa.

Sulley ne mutum na ƙarshe da ya sani a Zango. Da safe ya ga 'yan mata biyu a wajen kokon Humu suna kallonsa suna toshe baki, ya ɗauka wani abu ne a rigarsa. A hanya wani mai babur ya rage gudu ya ce, "Amarya, ina kwana!" Da ya isa benci bayan Azahar hira ta tsaya cak. Jibirin ne ya miƙa masa waya ba tare da ya dube shi ba.

Ya kalla sau ɗaya. Ya ga ɗakinsa, ya ga fitilunsa, har ya lura hasken ya zauna daidai a gefen yadin. Sannan ya ga abin da kowa ke gani. A ƙasa mutane sun yi sharhi ya fi ɗari huɗu, da Hausa da Turanci da Ashantanci. Wasu dariya kawai, wasu suna tambayar ko yana da miji, wani ya rubuta kalmar da ba a faɗa wa dattijo a gaban 'ya'yansa.

"Haske nike aunawa," ya ce. "Jibirin, ka san aikina. Haske ne."

"Mu muka bi gida-gida saboda kai," in ji Jibirin. "Surukina ya kira ni yana tambaya, wanga shi ne mutumin da ka ce mu taɓa ma?" Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Ba wanda ya kore shi daga bencin. Sun dai matsa masa wuri fiye da yadda mutum ɗaya ke bukata.

Humu ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daina fitar da koko kwana biyu, a na uku ta fitar don dole, tana zuba wa mutane kanta a sunkuye. 'Yarsu da ke aure a Tamale ta kira tana kuka, wai dangin mijinta sun turo mata. Wani biki da aka yi masa alkawarin ɗauka bayan Sallah, aka aiko cewa an samu wani.

Ya tafi Aboabo da ƙafa, don kar ya shiga mota a kalle shi. Kantin cike yake da mata, suna ganinsa aka fara taɓa juna. Hajia Barakatu ta tare shi da fara'a kamar wanda ya dawo daga Makka.

"Ga tauraronmu! Mallam Sulley, ka san kwantena guda ka sayar mana?"

"Hajia, ki ji tsoron Allah. Wa ya ba ku izini? Ina da 'ya'ya, ina da surukai. A cire."

"Haba, wasa ne. Wa ya zage ka? Mu ba mu zage ka ba."

Nasira ta ja shi gefe, ta rage murya. Ta amsa cewa ya kamata ta tambaye shi, ta ba shi haƙuri, kuma ga alama har zuciyarta take faɗa. Sannan ta ce ko ta kashe tallar yau, mutane sun riga sun sauke bidiyon, yana yawo a Watsap da TikTok inda hannunta ba ya kaiwa. Cirewa ba za ta dawo masa da komai ba, kanti kawai za ta cuta. Bai san yadda ake gardama da irin wannan magana ba, domin kowace gaɓa tata gaskiya ce, jimlarta kuma zalunci.

"Amma akwai wata magana," ta ce. "Talla tana gajiya. Mutum ya gani sau biyar, sau shida, ya daina tsayawa. Bayan Sallah zan bukaci sabo. In ka yarda ka sake sawa, da saninka, za mu biya ka fiye da na hoto. Kuma in ya tafi daidai, sai mu duba maganar hotunan kaya."

Ya ce mata Allah ya kiyaye, ya fita. Ya riƙe wannan Allah ya kiyaye ɗin sati biyar. Sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya taka shagonsa sai yara masu leƙe. Kullum yana goge gilashin kyamara yana juya ƙarshen maganarta, sai mu duba maganar hotunan kaya. Suna dai ya riga ya ɓaci, ya gaya wa kansa. In ya zauna sau ɗaya, ko ba komai aikin zai dawo. Bai shawarci Humu ba, don ya san abin da za ta ce.

Ranar Talata da hantsi ya je. Nasira ta ajiye kujerar roba a tsakiyar kanti, ta miƙa masa mayafi ruwan hoda. 'Yan matan kanti suka jeru a bayan tebur. Ya dubi wurin, ya ga fitilar silin tana dukan kujerar daga sama, za ta zurma masa ido.

"A matsar da kujerar kusa da ƙofa," ya ce. "Hasken nan ba shi da kyau."

"Bar shi haka, Baaba. In ya yi kyau da yawa sai su gane talla ce su wuce."

Ya yafa. Ya karkata kai, ya sa hannu a haɓa. Ta ce ya yi murmushi, ya yi. Ta ce ya juya ido kamar mai jin kunya, ya juya. Sau tara suka ɗauka. A na shida wata mai sayayya ta shigo ta ƙyalƙyale har ta dafa bango, Nasira ta ce kar ya motsa, dariyar ta shiga da kyau. Bai motsa ba. Shekara talatin da bakwai yana hana mutane motsi a kan kujera, ya san yadda ake yi.

Kwana bakwai aka ba shi, kamar wancan karon. Sabon farko da tsohon farko, jikin bidiyo ɗaya, mutane an raba biyu. Wannan karon bai gaya wa kowa ba. Ba ma wanda zai gaya wa. Abin da ba zai taɓa faɗa wa mutum ba shi ne ya yi addu'a a kan abin nan, ya roƙi Allah ya sa mutanen Kumasi su tsaya su yi masa dariya.

Ba su tsaya ba. Nasira ta nuna masa a tsaye, don tana sauri za ta filin jirgi karɓar kaya. Tsohon, duk da gajiyarsa, yana tsayar da arba'in da ɗaya cikin ɗari. Sabon ashirin da shida.

"Ka yi ƙoƙari paa," ta ce. "Amma sun gane ka sani. Na farkon abin da ya sa ya ci, ba ka san ana kallonka ba. Wannan ba a sake yin shi."

"To maganar hotunan kaya fa?"

Ta dube shi kamar ta manta da wace magana ce, sannan ta tuna. "Ai Baaba, waya tana yi. Tsohon bidiyon ma zai kai mu wata biyu in na canza rubutun sama." Ta ɗauki jakarta.

Hajia ta sa aka sallame shi da kuɗinsa, ba ta rage masa ko kaɗan ba. Har ya kai ƙofa ta kira shi, ta tura masa mayafin ruwan hodar a kan tebur. "Tafi da shi, an riga an sa, ba ya sayuwa. Ka kai ma Humu." Baƙar leda ta ƙare a kantin, sai aka sa masa a fara, mai nuna abin da ke ciki. Haka ya ratso Aboabo da shi a hannu, rana tsaka, ya rasa inda zai ɓoye shi.

Da ya shawo kwanar layinsu ya hango mace tsaye a ƙofar shagonsa. Babbar mace ce, ta sha leshi da sarƙa, da gani daga wajen biki take ko za ta. Tana duba agogo tana leƙa tagar. Wata biyu rabon da wani ya jira shi a ƙofar nan. Ya ƙara sauri yana laluben mukulli, yana lissafin wane labulen baya zai sauke mata, shuɗi zai fi karɓar leshin.

"Sannu da jira, Hajia. Hoto ne? Bismilla, yanzu zan kunna fitila."

"A'a Baaba, ba sai mun shiga ba," ta ce, tana fito da wayarta. "Daga Tafo na zo, aka ce nan ne shagonka. Ƙawayena ba za su yarda na gan ka ba sai da shaida." Idonta ya sauka kan ledar, ta tafa hannu. "Kai, har da shi ka zo! Dan Allah ɗan yafa, minti ɗaya."

Ya tsaya da mukulli a hannu. Masu shagunan layin sun fara fitowa. Matar ta riga ta matso kafaɗarta kusa da tasa, ta ɗaga wayar sama, ya ga fuskokinsu biyu a allo, baƙi ƙirin, rana tana bayansu.

"Ba zai fito ba haka," ya ce a hankali. "Juyo nan, ki fuskanci rana."

Ta juya, ya juya tare da ita. Ya warware ledar.